Yadda Ake Rubuta Sharhin Aikin Ma'aikaci a Fom ɗin Ƙarshen Shekara

Duk wanda ya taɓa riƙe sashe a ma'aikatar gwamnati ko a kamfani ya san gurbin nan na ƙarshen fom, inda ake buƙatar shugaba ya rubuta ra'ayinsa a kan aikin wanda yake ƙarƙashinsa. Sauran guraben maki ne kawai, mutum ya zagaye lamba ya wuce, amma a wannan gurbi alƙalami yakan tsaya, daga ƙarshe kuma a rubuta abin da aka rubuta bara: ma'aikaci ne mai ƙwazo, mai ladabi da biyayya, sai dai yana buƙatar ƙara ƙoƙari. Ma'aikacin ya karanta, ya sa hannu, ya koma teburinsa bai san abin da zai ci gaba da yi ba, bai kuma san abin da zai bari ba.

A aikin gwamnati a Nijeriya an daɗe ana amfani da fom ɗin APER, wato rahoton auna aikin ma'aikaci na shekara-shekara, wanda ma'aikaci yake cike nasa ɓangaren, shugabansa na kusa ya ba da maki da sharhi, sannan wani babba a sama ya sake dubawa ya sa hannu. Tun bayan rahoton 1974 na hukumar Udoji, wadda ta duba tsarin aikin gwamnati, aka bar tsarin rahoton sirri aka koma tsarin da ma'aikaci yake ganin abin da aka rubuta a kansa. A shekarun baya-bayan nan gwamnatin tarayya ta ɗauki hanyar maye gurbin APER da tsarin PMS, wanda ya fi dogara ga manufofin aiki da aka amince da su tun farkon shekara. Ko wane fom ne a gabanka, da Turanci ake cike shi ko da Faransanci kamar yadda ake yi a Nijar, aikin sharhin bai sauya ba. Misalan da ke tafe da Hausa suke, mai karatu ya mayar da su harshen fom ɗinsa.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara kai ne shugaban sashen kuɗi, a ƙarƙashinka kuma akwai jami'in asusu a matakin albashi na 08, wanda manyan ayyukansa biyu ne: shirya baucocin biyan kuɗi, da daidaita littafin kuɗi da bayanan banki kowane wata, ya miƙa rahoto kafin ranar 10 ga watan da ke biye. Alƙaluman da zan kawo na misali ne.

Mataki na farko: tara shaida tun shekara tana ɗanya

Sharhin da ake rubutawa a watan Disamba tun Janairu ake fara shi. Ƙwaƙwalwar mutum tana riƙe abin da ya faru kwanan nan da abin da ya ɓata masa rai, saura kuma ya bi iska, shi ya sa ma'aikacin da ya yi wata goma yana aiki tsaf zai iya shan mummunan sharhi saboda kuskuren da ya yi a Nuwamba, wanda kuwa ya yi barci duk shekara ya farka ana saura mako shida ya kwashi yabo. Maganin wannan shi ne ɗan littafi, ko shafi guda a kwamfuta, ga kowane ma'aikaci. Duk lokacin da wani abu ya faru wanda ya cancanci a tuna, mai kyau ko akasin haka, ka rubuta kwanan wata, abin da aka yi, da abin da ya biyo baya, cikin layi biyu ko uku. Minti biyar a ƙarshen kowane mako sun isa.

Idan shekara ta riga ta ƙare ba ka ajiye komai ba, ofis da kansa yana da tarihi. Littafin karɓa da fitar da fayil yana ɗauke da ranakun da takardu suka shigo suka fita, saƙonnin imel suna da kwanan wata, rahoton mai binciken kuɗi na cikin gida yana nuna baucocin da aka dawo da su, rajistar halarta kuma tana nan. Ka ware yini guda ka bi waɗannan kafin ka taɓa fom.

A misalinmu, ga abin da binciken ya fitar. Cikin rahotanni 12 na daidaita lissafi, 7 sun iso a kan lokaci, 5 sun makara. Cikin baucoci kusan 340 da ya shirya, mai binciken kuɗi ya dawo da 6 kacal saboda kuskure, alhali bara 31 aka dawo da su. A watan Yuni ya gano an biya wani mai kawo kayan ofis naira 480,000 sau biyu a kan takardar kuɗi ɗaya, aka kuma karɓo kuɗin. A Agusta da Oktoba sashen sufuri ya koka cewa yana mayar musu da takardun neman kuɗi ba tare da ya rubuta dalili ba, har wata takarda ta yi zuwa uku kafin a gane rasiɗin mai ne babu a ciki.

Mataki na biyu: raba abin da yake hannunsa da abin da ba ya hannunsa

Kafin ka ɗora wa mutum laifin makarar rahoto biyar, sai ka tambayi kanka me ya faru a kowane ɗaya. Da aka duba, rahotannin da ya kamata su iso a Afrilu da Mayu sun makara ne saboda a lokacin yana riƙe da teburin albashi a madadin abokiyar aikinsa da ta tafi hutun haihuwa, kuma kai da kanka ka ba shi wannan ƙarin aiki. Na Satumba da Oktoba da Nuwamba kuwa babu wani dalili da ya gabatar, bai kuma sanar da kowa cewa za su makara ba. Saboda haka adadin da zai shiga sharhi a matsayin gazawarsa uku ne, biyun farko kuma su shiga ɓangaren abin da ya ɗauka a kansa domin sashe ya ci gaba da tafiya.

Wannan tantancewa tana da muhimmanci musamman a ofisoshinmu, inda rashin wutar lantarki, katsewar intanet, jinkirin sakin kuɗi da fayil ɗin da ya kwana mako biyu a teburin babba suke cinye lokacin ƙaramin ma'aikaci. Idan ka rubuta masa laifin abin da ya san ba nasa ba ne, zai yi watsi da sharhin gaba ɗaya, har da ɓangaren da kake da gaskiya a ciki. Sai dai akwai iyaka. Bankin da ya jinkirta aiko da bayanai ba laifin jami'in ba ne, amma zaman da ya yi shiru har wa'adi ya wuce bai faɗa wa kowa ba, wannan nasa ne, kuma ana iya rubuta shi.

Mataki na uku: gina kowace jimla a kan aiki

A nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Sharhi mai amfani yana amsa tambaya uku a jere: a wane lokaci ko a wane aiki, me mutumin ya yi, kuma me hakan ya haifar. Idan gyara ake nema, sai a ƙara ta huɗu, wato me ake so ya yi nan gaba.

Ɗauki jimlar da aka saba rubutawa, wato “yana da ƙwazo kuma amintacce ne.” Babu ƙarya a cikinta, amma za a iya ɗauke ta a manna a fom ɗin direba, da na malamin makaranta, da na mai gadi, ta zauna daidai. Wannan shi ne gwajin farko da nake yi wa duk jimlar da na rubuta: idan za ta dace da kowa a ofis, ba ta ce komai a kan wannan mutumin ba. Ga yadda za ta koma idan aka sa mata shaida:

“Baucocin da mai binciken kuɗi ya dawo da su saboda kuskure sun ragu daga 31 a bara zuwa 6 a bana, cikin kusan 340 da ya shirya. A watan Yuni, yayin daidaita lissafi, ya gano an biya naira 480,000 sau biyu a kan takarda ɗaya, ya kawo rahoto a ranar, aka karɓo kuɗin.”

Kalmar amana ba ta fito a nan ba, amma duk wanda ya karanta ya ga amanar, kuma kwamitin ƙarin girma da bai taɓa ganin fuskar jami'in ba yana da abin da zai riƙe. Shi ma jami'in ya san takamaiman abin da aka gani aka yaba, wato duba takardu da kyau da saurin kawo rahoto, don haka ya san abin da zai ci gaba da yi.

A ɓangaren gyara kuskuren ya fi tsada, domin a nan ne shugabanni suke zamewa daga aiki su faɗa kan hali. “Yana da sakaci,” “ba ya girmama abokan aiki,” “yana da girman kai,” duk hukunci ne a kan mutum, kuma babu wanda aka taɓa ce wa mai girman kai ya amsa da cewa gaskiya ne, zan gyara ranar Litinin. Abin da yake biyo baya musu ne, kai kana cewa haka yake, shi yana cewa ba haka yake ba, babu mai shaida. Idan kuwa ka rubuta abin da ido ya gani, ƙofar musu ta ƙuntata:

“A Agusta da Oktoba ya mayar wa sashen sufuri takardun neman kuɗi ba tare da rubuta abin da ya rage a cikinsu ba. Ɗaya daga ciki ta dawo sau uku kafin a gane rasiɗin mai ne babu, abin da ya jinkirta biyan kuɗin tafiya da kwana tara. Daga yanzu, duk takardar da zai mayar, ya rubuta a jikinta dalilin mayarwar da abin da ake buƙata a kawo.”

A lura cewa ba a ce ya yi kuskure da ya mayar da takardar ba, domin mayar da takardar da ba ta cika ba shi ne aikinsa, kuma wannan tsantseni ne ya rage kurakuran baucoci. Abin da ake gyarawa ɗan ƙarami ne, rubuta dalili. Shugaban da ya rubuta “yana wahalar da sauran sassa” zai iya sa jami'in ya fara sakin takardun da ba su cika ba don a daina kuka da shi, ka ga garin gyaran gira an rasa ido.

Akwai kalmomin da ya kamata a yi hattara da su. “Kullum” da “bai taɓa” kusan ko yaushe ƙarya ne, kuma da zarar ka rubuta “kullum yana makara da rahoto,” zai ɗauko rahotanni bakwai da suka iso a kan lokaci ya ajiye a gabanka. “An ce” da “wasu suna ganin” suna mayar da takardar hukuma ta zama tsegumi. Abin da ba ka tabbatar ba kada ya shiga fom. Haka nan zato a kan niyya, irin su “da gangan yake yi” ko “hankalinsa yana kan kasuwancinsa na waje,” ba shi da wuri, tun da ba ka shiga zuciyarsa ba. Rashin lafiya, juna biyu, yawan iyali, addini, ƙabila da garin da mutum ya fito ba aikin da aka ɗauke shi ya yi ba ne, kuma hutun da doka ta ba shi ba abin ambato ba ne a matsayin gazawa.

Mataki na huɗu: daidaito

Mutane da yawa sun ɗauka daidaito yana nufin a kawo yabo biyu da suka biyu, ko a ɓoye gyaran a tsakanin yabo guda biyu yadda zai wuce ba a ji ɗacinsa ba. A ganina daidaito shi ne sharhin ya yi kama da shekarar da mutumin ya yi. Jami'inmu ya yi shekara mai kyau da matsala biyu da za a iya gyarawa, saboda haka kaso mafi yawa na sharhin ya kamata ya tafi ga abin da ya yi daidai. Da a ce rahotanni goma ne suka makara babu dalili, da makarar ce za ta zo a jimlar farko, ko da kuwa yana da fara'a da kowa.

Abin da ya fi hana mu wannan shi ne kara. Ma'aikacin maƙwabcinka ne a unguwa, ko ya girme ka da shekara goma sha biyar, ko kana tsoron a ce kai ka hana shi ci gaba, musamman da yake a aikin gwamnatin tarayya ma'aikacin da ke tsakanin mataki na 07 da na 14 sai ya yi aƙalla shekara uku kafin a duba shi don ƙarin girma, kuma rahotannin waɗannan shekaru suna cikin abin da ake dubawa. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko a wani ofis da na yi aiki. Shekara biyu ina rubuta wa wani dattijo “aikinsa yana gamsarwa” alhali na san ba ya rufe littafin kuɗin hannu a kan lokaci, da abin ya kai ga an ba shi takardar neman bahasi, sai ya ɗauko fom biyu masu ɗauke da sa hannuna ya nuna wa kwamiti. Ba shi da laifi a wannan, domin a rubuce ban taɓa faɗa masa akwai matsala ba.

Maki kuma dole ya tafi tare da sharhi. Idan ka ba da maki mafi girma a gurbin cika wa'adi sannan ka rubuta cewa rahotanni uku sun makara, babban da zai sa hannu a bayanka zai ga takardar tana ƙaryata kanta. Ka rubuta sharhin tukuna, sannan ka ba da makin da sharhin ya nuna. Kada kuma gyare-gyaren su wuce biyu ko uku, ko da kana da bakwai a littafinka; ka zaɓi waɗanda suka fi shafar aikin sashe, sauran ka faɗe su da baki a lokacinsu.

Mataki na biyar: abin da zai yi da takardar

Gwaji na biyu shi ne ka sa kanka a kujerarsa ka tambaya: idan na karanta wannan, me zan yi dabam ranar Litinin? “Ya inganta amfani da lokaci” ba ya amsa wannan tambaya. Abin da ake nema ya zama aikin da ake gani, mai adadi ko wa'adi, tare da abin da kai shugaba za ka yi don ya yiwu. Ga cikakken sharhin jami'inmu idan aka haɗa komai:

“Jami'in ya shirya baucoci kusan 340 a bana, 6 kawai aka dawo da su saboda kuskure, alhali bara 31 ne. A Yuni ya gano biyan naira 480,000 da aka yi sau biyu, ya kawo rahoto a ranar, aka karɓo kuɗin. A Afrilu da Mayu ya riƙe teburin albashi a kan nasa aikin, albashi kuma bai makara ba. Abubuwa biyu suke buƙatar gyara. Rahoton daidaita lissafi ya wuce wa'adin ranar 10 a Satumba da Oktoba da Nuwamba ba tare da sanarwa ba, abin da ya jinkirta rahoton sashe ga darakta. A shekara mai zuwa ana buƙatar ya miƙa shi a kan wa'adi, idan kuma bayanan banki ba su iso ba zuwa ranar 5, ya sanar da ni a rubuce don in bi sawu. Na biyu, duk takardar da zai mayar wa wani sashe ya rubuta dalili a jikinta. Za mu duba waɗannan biyun tare a ƙarshen Maris.”

Gurbin sharhi a wasu fom ɗin bai wuce layi huɗu ko biyar ba. A irin wannan hali ka taƙaita zuwa babban abin yabo guda da babban gyara guda, kowanne da adadinsa, sannan ka haɗa cikakken bayanin a takarda dabam idan dokar wurin aikinka ta yarda, ka ba shi kwafi. Idan kana ba da shawarar a tura shi kwas, ka faɗi a kan me da kuma dalili, domin “yana buƙatar horo” kawai ba ya taimaka wa sashen ma'aikata ya san inda zai tura shi.

Mataki na shida: zama da shi kafin sa hannu

Bai kamata ma'aikaci ya fara jin wata matsala a ranar cike fom ba. Makarar Satumba a Satumba ake maganarta, fom ɗin kuma ya zo ya tattara abin da aka riga aka faɗa. Idan ka ga kana shirin rubuta laifin da ba ka taɓa ambata masa ba, ka amince a gabansa cewa ka yi jinkirin faɗa, kuma ka yi la'akari da hakan wajen ba da maki.

Ka ba shi daftarin kwana ɗaya ko biyu kafin ku zauna, a keɓe, ba a gaban abokan aiki ba. Idan ya girme ka, girmamawar tana cikin yadda ka buɗe magana, abin da ke rubuce kuma ya tsaya yadda yake. Kana iya cewa, “Malam, ga abin da na rubuta, ina so ka duba ko akwai inda na yi kuskure a ranaku ko a lissafi kafin in sa hannu.” Mai yiwuwa ya amsa, “Yallaɓai, na Oktoba ai bayanan banki sai ranar 12 suka iso, ga saƙon.” Idan saƙon ya tabbatar da haka, sai ka gyara a nan take, makara babu dalili ta koma biyu, amma maganar rashin sanarwa ta ci gaba da zama, tun da har wa'adin ranar 10 ya wuce bai ce wa kowa komai ba.

Wani lokaci ba za ku daidaita ba. Sa hannun ma'aikaci a irin wannan fom yana nuna cewa ya ga abin da aka rubuta, kuma yana da damar rubuta rashin amincewarsa a gurbin da aka tanada ko a takarda dabam, wadda za ta tafi tare da fom ɗin zuwa ga babban da zai sa hannu na biyu. Kada ka hana shi, kada kuma ka sauya sharhin da kake da shaidarsa saboda fuska ta ɓaci. Ka haɗa kwafin ranakun da ka dogara da su, ka ajiye naka kwafin a fayil, sannan ka rubuta ranar zaman ƙarshen Maris a kalandarka, ka buɗe sabon shafi a ɗan littafin nan da sunansa da abubuwa biyun da kuka ce za ku duba.